Korewa Biyu a Jumla Ɗaya: Inda Lissafi Ya Tsaya, Harshe Ya Ci Gaba

Ɗalibin da ya rubuta *I didn't see nobody* a takardar jarrabawar Turanci, jan biro zai sha. Idan ya nemi dalili, amsar da yawancin malamai kan bayar ita ce: korewa biyu suna kashe juna, saboda haka wanda ya faɗi haka, ba tare da ya sani ba, cewa ya yi ya ga wani. A kan kafa hujja da lissafi, inda ragi sau ragi ke ba da ƙari, ko da ƙa'idar malaman manɗiƙi da ke cewa kore korewa tabbatarwa ce. Malamin ya yi daidai da ya sa jan biro, domin daidaitaccen Turanci bai yarda da wannan gini ba. Dalilin da ya bayar ne bai tsaya da ƙafafunsa ba. Da ƙirga kalmomin korewa ake gane ma'ana, da Bahaushen da ya ce "bai zo ba" yana nufin mutumin ya zo ke nan, tunda "ba" biyu ce a bakinsa.

Abin da ya rikita maganar shi ne abubuwa uku ne daban-daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai korewa guda mai zuwa gida biyu. Akwai korewa guda da ke bazuwa kan kalmomi da yawa. Sannan akwai korewa biyu na gaske, waɗanda lalle suke rushe juna. Kafin a rarrabe su, ya kamata a ga yadda harsuna ke kore magana tun farko.

Hanyoyin cewa a'a

Ba a san wani harshe na ɗan Adam da ba shi da hanyar korewa ba, amma kowane da tasa dabarar. Masanin harshe Matthew Dryer ya duba harsuna 1,157 don babban kundin taswirar gine-ginen harsunan duniya. Ya tarar 502 suna amfani da wata 'yar kalma mai zaman kanta, kamar yadda Yarabanci ke sa *kò* gaban aikatau. Guda 395 kuma ɗafi suke liƙa wa aikatau ɗin. A Turkanci *geldi* na nufin ya zo, *gelmedi* kuma bai zo ba: an cusa *me* a tsakiyar kalmar. Fulfulde ma a ƙeyar aikatau take yin aikin, *mi anndi* na sani, *mi anndaa* ban sani ba. Wasu 47 suna da aikatau na musamman wanda aikinsa kawai korewa. A harshen ƙasar Finland wannan aikatau yana sauya siffa gwargwadon mai magana: *en* idan ni ne, *et* idan kai ne, *ei* idan shi ne ko ita. Harsuna 119 kuwa alama biyu suke sawa don kore magana ɗaya, kuma irin wannan ginin ne Hausa take yi a yawancin lokutanta.

Hausa ba hanya ɗaya gare ta ba. A shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa tana buɗewa da "ba" ta rufe da "ba": ban ci ba, ba za mu je ba. A lokaci mai ci "ba" ɗaya ta wadatar: ba ya zuwa, ba ta cin nama. Idan abu ne ake cewa ba shi ba ne, sai a kewaye shi: ba Audu ba ne. Idan rashin samuwa ne, sai "babu" ko gajeruwarta: babu ruwa, ba ruwa. Hani kuma nasa daban: kada ka tafi. A rubutu duk "ba" ɗin nan kama ɗaya suke, amma kunne ya san bambancinsu. Ta "bai zo ba" gajera ce, muryarta ƙasa. Ta "ba ya zuwa" doguwa ce, muryarta sama. Ta farkon "ba Audu ba ne" doguwa ce, muryarta ƙasa. Wanda ya yi karatun Larabci ba zai yi mamakin wannan rabon aiki ba, domin can ma *lam* ta abin da ya wuce ce, *lan* ta abin da ke tafe, *laisa* kuma ta jumlar suna.

Korewa guda mai zuwa gida biyu

"Ba" ta ƙarshe a "bai zo ba" ba sabuwar korewa take kawowa ba. Rufe wadda aka buɗe take yi. Hausa ba ita kaɗai ke haka ba. Harshen Afirkans na Afirka ta Kudu yana cewa *hy het nie gekom nie*, bai zo ba, da *nie* sau biyu. Larabcin Masar yana cewa *ma katabtish*, ban rubuta ba, inda *ma* ta buɗe, *sh* ta rufe. Faransanci, wanda ɗaliban Nijar da Kamaru da Chadi suka sani tun firamare, yana da *ne* da *pas*. Faransancin nan ne ya fi nuna yadda harshe ke wayar gari da alama biyu, domin an rubuta tarihinsa mataki-mataki.

A Latin, uwar Faransanci, kalmar korewa ɗaya ce, *non*, ana sa ta gaban aikatau. Da tafiya ta yi nisa sai ta gajarce ta koma *ne*, 'yar ƙaramar gaɓa mai sauƙin ɓacewa a kunne. Masu magana kuwa a kullum suna son ƙarfafa musu, sai suka riƙa ƙara sunan wani ɗan ƙanƙanin abu bayan aikatau. Mai cewa bai yi tafiya ba sai ya ƙara *pas*, wato taku. Mai cewa bai ci ba ya ƙara *mie*, ɓurɓushin burodi. Mai cewa bai sha ba ya ƙara *goutte*, ɗigo. Daidai yake da yadda muke cewa ban ci ko loma ba, ban sha ko ɗigo ba, ba ni da ko sisi. Sannu a hankali *pas* ta rinjayi sauran, ta bar aikatau na tafiya ta shiga ko'ina, har aka manta da ma'anarta ta taku a wannan gurbi. Abin da ya fara a matsayin ƙarin gishiri ya zama dole. Daga nan ne aka sami *je ne sais pas*, ban sani ba, wanda ake koyarwa a makaranta.

Juyin bai tsaya nan ba. A hirar yau da kullum, a Faris ko a Yamai, mutane da yawa *je sais pas* suke cewa, sun yar da *ne*. Binciken da Gillian Sankoff da Diane Vincent suka buga a 1977 kan Faransancin birnin Montreal ya nuna cewa *ne* ba ta fitowa ko sau ɗaya cikin ɗari a hirar mutanen da aka naɗa. Kalmar da asalinta taku ce ta zama ita kaɗai ce korewa. Otto Jespersen, masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, shi ya bayyana wannan zagaye a 1917: alama ta raunana, a kawo mata mataimakiya, mataimakiyar ta gaje ta. A 1979 Östen Dahl ya raɗa wa abin suna zagayen Jespersen. *Sh* ɗin Larabcin Masar ma daga *shai'*, wato abu, ta fito. Turanci kansa ya bi wannan hanya: *not* ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar ba kome, wadda da can take rakiyar *ne*, kafin ta kore ta. Saboda haka alama biyu a korewa ɗaya zango ne a tafiyar harshe, ba ruɗewar masu shi ba.

Korewa guda mai bazuwa

Na biyu shi ne wanda ya jawo wa ɗalibinmu jan biro. Masana suna kiransa jituwar korewa. A nan kalmomi irin su ba kowa, ba kome, ba ko'ina, kowacce tana ɗauke da alamar korewa a jikinta, amma idan suka taru a jumla ɗaya, korewa ɗaya ake fahimta.

Mu ɗauki Sifaniyanci. *Nadie* na nufin ba kowa. Idan aka tambayi mutum wa ya zo, zai iya amsawa da wannan kalma kaɗai, kuma an gane ba wanda ya zo. Amma idan zai yi cikakkiyar jumla, *no vino nadie* zai ce. Wanda ya fassara ta kalma-kalma zai ga korewa biyu, alhali ma'anarta ba wanda ya zo. Ba kuma maganar 'yan tasha ba ce: haka jaridu ke rubutawa, haka alƙalai ke faɗi, cire *no* ɗin ne ma kuskure. Akwai kuma ƙa'ida mai tsauri a ciki. Idan *nadie* ta zo gaban aikatau, *no* ba ta da gurbi, sai a ce *nadie vino*. Abin da harshen ke bukata shi ne a sami alamar korewa guda kafin aikatau, ko dai *no* ko wata kalma mai korewa. Duk abin da ya biyo baya sai ya jitu da ita. Italiyanci ma haka yake yi da *non* da *nessuno*.

Rashanci ya fi tsanani. Ko ina kalmar ta tsaya, dole *ne* ta raka aikatau. *Nikto nikogda nichego ne skazal* tana da alamar korewa huɗu, ma'anarta kuwa ba wanda ya taɓa cewa kome. Ɗan Rasha ba ya zama ya ƙirga ko huɗu cika ce ko mara kafin ya fahimta. Korewa ɗaya ce ta mamaye jumlar, kowace kalma ta nuna tana ƙarƙashinta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa idan ya dubi adadi da jinsi. A jumlar "waɗansu manyan shanu farare sun shigo", an nuna jam'i sau biyar: waɗansu, manyan, shanu, farare, sun. Ba wanda zai ce jam'i biyar sun ninka yawan shanun sau biyar. A "wata farar akuya ta ɓata" an nuna jinsin mace a kusan kowace kalma, akuyar kuma ɗaya ce. Abin da Hausa ke yi da adadi da jinsi, shi Rashanci da Sifaniyanci ke yi da korewa. Amfaninsa ma ɗaya ne: idan hayaniya ta cinye alama guda, sauran sun isar da saƙon.

To "ban ga kowa ba" fa? Wannan wani gini ne na daban, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna haka. A cire kalmar daga cikin korewa a gani. "Kowa ya zo" na nufin duka sun zo, "kome ya yi daidai" na nufin babu abin da ya saura. Ashe "kowa" da "kome" ba su da korewa a jikinsu, aron ta suke yi daga "ba". Shi ya sa idan aka ce wa ka gani, ba a amsawa da "kowa" kaɗai, sai an ce "ba kowa". *Nadie* kuwa tana tsayawa da ƙafarta. Daidaitaccen Turanci a nan ya fi kusa da Hausa, domin *anybody* da yake so ɗalibi ya rubuta ita ma ba ta da korewa a jikinta.

Sai dai ta wata fuskar Turancin makaranta ne saniyar ware. Martin Haspelmath ya duba harsuna 206 a wancan kundi, yana tambayar yadda ake cewa ba wanda ya zo ko ban ga kome ba. A guda 170 dole aikatau ya ɗauki alamar korewarsa ko da irin wannan kalma tana nan, ko tana da korewa a jikinta ko ba ta da ita. Guda 11 ne kawai kalmar ke wadatarwa ita kaɗai a kowane hali, kuma da dama daga cikinsu a Yammacin Turai suke. Ginin da ake ɗauka shi ne ma'aunin hankali, ƙalilan ne daga harsunan duniya ke bin sa.

Yadda dokar ta shigo Turanci

Turanci na da can cike yake da jituwar korewa. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400 kuma ake ɗauka uban adabin Ingilishi, ya jera alamun korewa huɗu a jumla ɗaya yana yabon wani jarumi da bai taɓa zagin kowa ba. Ana samun ginin jefi-jefi har a wasannin Shakespeare. Amma tun kafin ƙarni na 18 ya fara janyewa daga rubutun masu ilimi, musamman ma'aikatan hukuma da na shari'a, yayin da talakawa suka ci gaba da abinsu. Da marubuta nahawu suka zo, sai suka ba wannan bambancin aji rigar manɗiƙi. Littafin nahawun Robert Lowth, wanda ya fara fitowa a 1762, shi aka fi dangantawa da ƙa'idar cewa korewa biyu a Turanci suna rushe juna. Lindley Murray ya maimaita ta a nasa littafin na 1795, wanda ya yi kasuwa ƙwarai a makarantu. Waɗannan malamai da Latin suka tashi, a Latin kuwa haka abin yake: *nemo non* na nufin kowa da kowa. Daga makarantun Ingila ƙa'idar ta biyo Turawan mulki har ajujuwanmu.

Duk da haka ginin bai mutu ba. Yana nan da ransa a unguwannin London, da kudancin Amurka, da maganar baƙaƙen fatar Amurka. A 1972 William Labov ya buga nazari mai zurfi a kansa, ya nuna cewa yana da dokoki tsayayyu game da inda alamar za ta faɗa da inda ba za ta faɗa ba. Yaron da ke magana haka bin nahawun gidansu yake yi, ba kasa tunani ya yi ba. Hujja mafi sauƙi ita ce ba wanda ke kuskuren fahimtarsa. Malamin da ya sa jan biro ya san sarai cewa ɗalibin bai ga kowa ba.

Inda korewa biyu ke rushe juna

Wannan ba ya nufin ƙa'idar manɗiƙi ƙarya ce. Kore korewa tabbatarwa ce, amma sai idan korewa biyu ce ta gaske, ɗaya ta hau kan ɗaya. Hausa tana yin haka kullum. "Ba wanda bai zo ba" na nufin kowa ya zo: an kore zuwan, sannan an kore samuwar wanda bai zo ɗin ba. Harsuna masu jituwar korewa ma suna da wannan. Ɗan Sifen zai ce *no puedo no ir*, ba zan iya ƙin zuwa ba, kuma ya san zuwa zai yi. Ɗan Rasha yana da irin ginin da *ne* biyu, ɗaya kan iyawa, ɗaya kan zuwa. A Faransanci *personne n'a rien dit* tana iya ɗaukar ma'ana biyu: ba wanda ya ce kome, ko kuma, idan an danna murya kan kalmar farko ana musun wata magana, ba wanda ya yi shiru. Mahalli da murya ke raba gardama.

Mu jera jumloli huɗu na Hausa mu ƙirga. "Ba ya zuwa": "ba" ɗaya, korewa ɗaya. "Bai zo ba": "ba" biyu, korewa ɗaya. "Ba wanda bai zo ba": "ba" uku, korewa biyu, ma'anar tabbatarwa. "Ban ce ba zan zo ba": "ba" uku, korewa biyu, amma ba su rushe juna ba, domin ta farko kan faɗi take, ta biyu kan zuwa, kuma "ba" ɗaya ce a ƙarshe ta rufe duka biyun maimakon a ce "ba ba". Mai wannan magana bai yi alkawarin zuwa ba, musun abin da aka jingina masa kawai ya yi. Ƙirga ba ta kai mu ko'ina ba. Tambayar da ke aiki ita ce: me kowace korewa ta hau kansa? Gurbi ma yana sauya amsar. "Ban ga kowa ba" da "ba kowa na gani ba" kusan kalmomi ɗaya ne, amma ta farko ta ce babu ko mutum ɗaya, ta biyu ta ce wasu na gani, wasu ban gani ba.

Ko inda korewa biyu suka rushe juna, ba sa mayar da magana daidai inda ta taso, kuma a nan ne kwatancen lissafi ya fi gazawa. A lissafi, ragi sau ragi na biyar biyar ce, ba ƙari ba ragi. Amma dattijon da aka nemi 'yarsa ya ce "ban ƙi ba", bai ce "na so" ba. Ya bar ƙofa a buɗe, ya kuma bar wa kansa wurin ja da baya. Wanda aka tambaya yaya kasuwa ya ce "ba laifi", bai ce ta yi kyau ba. Ɗan jaridar da ya rubuta cewa wani lamari "ba ya rasa nasaba" da wani, ya faɗi ƙasa da wanda ya ce yana da nasaba. Wani lokaci kuma akasin haka ne, ƙarfi abin yake ƙarawa: "ba a rasa nono a ruga" ta fi "akwai nono a ruga" nauyi, kamar yadda "ba wanda bai ji ba" ta fi "kowa ya ji" toshe hanyar musu. Da korewa biyu daidai suke da tabbatarwa, da harsuna ba su wahalar da kansu da doguwar hanya ba.

Abin da ya dace malamin Turanci ya gaya wa ɗalibinsa shi ne: a daidaitaccen Turanci, idan ka riga ka kore aikatau, *anybody* da *anything* ake sawa, haka masu jarrabawa ke so, haka kuma ya kamata ka rubuta. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa. Ƙara cewa ɗaya ginin rashin hankali ne na nufin an yanke wa Chaucer da duk masu Rashanci, Sifaniyanci da Italiyanci hukunci ɗaya. Ɗalibin da zai koma ajin Faransanci bayan an tashi tara, inda za a ci shi tarar maki idan ya bar *ne* a jumlar da ke da *rien*, ya cancanci a gaya masa cewa dokokin biyu al'adar harsuna biyu ce, kuma manɗiƙi bai goyi bayan ko ɗaya a kan ɗaya ba.